Me zan rubuta a ƙasan bidiyo bayan na riga na faɗa da baki?

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina yin gajerun bidiyoyin girki, ina kuma karɓar odar waina a Kaduna. Na yi wani na daƙiƙa 30. A kan bidiyon na rubuta 'Abin da ke sa waina tauri', da baki ma da shi na fara, a rubutun ƙasa ma shi na sake sakawa. Maganin da na nuna shi ne haɗa dafaffiyar shinkafa kafin a kai niƙa. Wata ta ce min maimaicin ya yi yawa, ni kuma ban san me zan rubuta ba. A taimaka."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Wadda ta faɗa miki haka ta yi miki gaskiya, kuma gyaran ba wuya, don ba sai kin sake ɗaukar bidiyon ba. Na daɗe ina rubuta wa masu ƙananan sana'o'i irin wannan, ga yadda nake bi da shi.

Ki fara da tunanin lokacin da ido yake kaiwa kan rubutun ƙasa. Mai kallo tana jan waya da yatsa, bidiyonki ya faɗo. Rubutun da ke kan bidiyon shi ta fara gani, shi ne kuma ya tsayar da ita, musamman idan ta kashe sauti saboda tana cikin mutane ko yaro na barci. Maganarki ta farko ita ta riƙe wadda ta kunna sauti. Shi ya sa idan waɗannan biyun suka yi kama ban cika damuwa ba, don sau da yawa ba mutum ɗaya suke wa aiki ba. Rubutun ƙasa kuwa sai daga baya ake duba shi, ko a tsakiyar kallo ko bayan an gama. Wadda ta sauke ido can ta riga ta tsaya, ta riga ta san a kan waina ake magana. Ƙari take nema. Idan ta tarar da jimlar da ta gani ta kuma ji, kamar kin kira baƙuwa cikin ɗaki ne, ta zauna, kika sake ce mata ta shigo.

To me take nema? Abin da daƙiƙa 30 ba su ɗauka ba. Ni idan aka kawo min bidiyo, takarda nake ɗauka in kalle shi kamar ban taɓa soya waina ba, duk tambayar da ta taso min in rubuta. A naki, na tabbata mace za ta ga kin zuba dafaffiyar shinkafa, ta ce to nawa? Cokali ne ko gwangwani? Da zafinta ake zubawa ko sai ta huce? Awa nawa ƙullun zai yi kafin ya tashi? Idan kina da tsofaffin bidiyoyi ma ba sai kin yi wannan wahalar ba. Ki buɗe sharhin da aka yi miki a kansu, tambayar da aka fi maimaitawa ita ce layinki na farko.

Bari in gwada da naki, ke kuma ki sa awon da kike amfani da shi a madadin nawa:

"Gwangwani 3 na jiƙaƙƙiyar shinkafar tuwo, rabin gwangwani dafaffiya, ta huce kafin a haɗa.
Idan lokacin sanyi ne, ƙullun waina yana daɗewa bai tashi ba. Ki rufe shi ki ajiye a wuri mai ɗumi, kar ki soya sai kin ga ya kumbura yana ƙananan ƙofofi a sama.
Masu oda a Kaduna, a sanar da ni tun ana gobe da dare."

Ki lura da layin farko, don a nan aikin yake. Instagram na barin ki rubuta har haruffa 2,200, amma a kan bidiyo layi ɗaya ko biyu kawai ake gani, sauran sai an danna more. TikTok ma haka yake yanke shi. Saboda haka sallama, da "barkanku da warhaka masoyana", da jerin furanni da zukata, duk su koma baya ko a bar su. Gaisuwa abu ne mai kyau, amma kin yi ta da baki ko da fuska a cikin bidiyon. Wancan ɗan filin na awo ne, ko farashi, ko unguwa, abin da mutum zai so ya dawo ya sake dubawa ranar da ya jiƙa shinkafa.

Akwai kuskuren da masu gudun maimaici ke faɗawa, kuma kusan gara maimaicin da shi. Sai su sauya kalmomi kawai, maganar tana nan. "Abin da ke sa waina tauri" ya koma "Kin san dalilin da ya sa wainarki ba ta laushi?" Wannan ba sabon abu ba ne, jan hankali ne na uku ga wadda hankalinta ya riga ya zo. Yadda za ki gane: bayan kin rubuta, ki tambayi kanki, wadda ta kalli bidiyon har ƙarshe, me ta sani yanzu da ba ta sani ba kafin ta karanta? Idan babu, ki goge.

Amma kar gudun maimaici ya sa ki cire sunan abin. Kalmar waina dole ta fito a rubutun ƙasa, don masu bincike a waɗannan manhajoji da kalma suke nema, kuma rubutun ƙasa yana cikin wuraren da ake dubawa. Ni ma sai in ƙara "masa" a wani layi ko a alamar # ta ƙarshe, saboda mutanen Bauchi da wasu wurare da yawa da wannan sunan za su nema. Suna ya dawo ba laifi, jimla ce ba a so ta dawo.

Sai iyakar abin, wadda ta shafe ki tunda kina sayarwa. Bidiyon da aka sauke aka tura WhatsApp, rubutun ƙasa ba ya bin sa. Ya tafi gidan biki, ya tafi zauren dangi, ba awo, ba garinki. Don haka duk abin da bidiyon ba zai yi ma'ana ba sai da shi, ya zauna a cikin bidiyon. Maganin taurin, wato dafaffiyar shinkafar nan, dole a gan shi a ji shi a ciki. Ba na son salon nan na "amsa tana ƙasa" da ake ja wa mutane rai da shi, don wadda aka tura wa ta kalli daƙiƙa 30 ta ƙona data ba ta samu komai ba. Sunan shafinki ma ki sa shi a jikin bidiyon, can sama ko tsakiya, don ƙasan allo rubutu da maɓallai suna rufe shi.

Idan kin gyara, kar ki auna da yawan masu kallo, domin wannan ya fi rataya a kan daƙiƙun farko, ba a kan rubutun ƙasa ba. Ki duba yawan waɗanda suka adana bidiyon, ki kuma karanta sharhi. Idan "don Allah nawa ake zubawa?" ya ragu, aka koma "na gwada da awonki, ta yi laushi amma ta kama tanda", rubutun ya yi aikinsa. Kamun tandar nan kuma ki riƙe shi, da shi za ki buɗe bidiyo na gaba, yawan mai da ƙarfin wuta su sauka a rubutun ƙasa.