Hukuncin ma'aikacin da ake biyansa rabin albashi: zai iya ɗiba daga kuɗin shago?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani shagon kayan gini a Jos a kan naira 80,000 duk wata, amma wata uku ke nan maigidana yana ba ni 40,000 kawai, alhali ciniki bai tsaya ba. Kuɗin shagon a hannuna suke kwana. Ya halatta in cire haƙƙina ba da saninsa ba?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Naira 120,000 da suka taru bashi ne tabbatacce a wuyan maigidanka, kuma karɓar rabin da ka yi ba yafewa ba ce, matuƙar ba ka furta yafewar ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa taurin bashin mawadaci zalunci ne, Bukhari kuma ya ruwaito cewa wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya gama cin moriyarsa sannan ya hana shi ladansa, yana cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Da a ce karayar gaske ce ta same shi, da aya ta 280 a Suratul Baƙara ta wajabta maka saurara masa.

Game da ɗiba a ɓoye, malamai sun yi saɓani. Masu halattawa sun kafa hujja da izinin da Annabi (SAW) ya ba Hindu 'yar Utba na ta ɗauki abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta Abu Sufyan, masu hanawa kuma suka riƙi hadisin da ya ce kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Malamanmu Malikawa da suka halatta ma sun gindaya sharaɗin amintuwa daga fitina da zubewar mutunci, kuma wannan sharaɗi bai cika a kanka ba. Kuɗin amana ne a hannunka, kuma ranar da aka yi lissafi aka ga giɓi, ɓarawo za a kira ka a ofishin 'yan sanda, inda ba mai sauraron bahasin fiƙihu. Saboda haka fatawata ita ce kada ka taɓa su.

Abin da ya kamace ka shi ne ka rubuta bashin wata-wata, ka nemi ya sa hannu ko ya amsa a gaban shaidu biyu, ka adana saƙonnin banki, kuma kada ka taɓa sa hannu a takardar da ta nuna an biya ka cikakke. Ka fara da dattawan kasuwa ko limaminsa. Idan ya ƙi, dokar ƙwadago ta Najeriya ta hana tazarar biyan albashi ta wuce wata guda, don haka kana iya kai kuka ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Jos. Ya halatta kuma ka ajiye aikin bayan ka sanar da shi, ka miƙa makullai da lissafi a gaban shaidu, bashinka na nan daram. Allah ne mafi sani.