Kara daban, ashana daban: muryar Malam a guruf

"Malam don Allah, a mok an ce mu kawo dalilai biyar na boren matan Aba na 1929, na cika shafi ɗaya da rabi amma maki 6 aka ba ni cikin 15. Anya ba danne ni aka yi ba?"

To, assalamu alaikum. Ba wanda ya danne ki, ni ban ma ga takardar ba amma na san abin da ke ciki, labari kika ba shi. Kin fara da matar nan Nwanyeruwa tana aikin manja, mai ƙidaya ya shigo, suka yi cacar baki, mata suka taru, aka ƙona kotuna, soja suka yi harbi, aka kafa kwamiti. Ko ba haka ba? To a duk wannan dalili ɗaya ne tak, sauran duk abin da ya biyo baya ne, kuma ba shi aka tambaye ki ba. Mai maki yana da jerin foyin a gabansa, a ce biyar, kowanne maki uku, yana neman su ne da jan biro, in bai gani ba ya wuce, ba ya auna nauyin takarda.

Ki ɗauka gobara ce a ƙauye. An tara kara a jikin danga tun kaka, rani ya busar da shi, ga iska, wannan su ne dalilai, sun daɗe suna nan ba a ga hayaƙi ba. Yaro ya ƙyasta ashana, wannan shi ne abin da ya kunna, rana ɗaya ce, wuri ɗaya, mutum ɗaya. Rumbunan da suka ƙone kuma sakamako ne. Karan da ashanar su ne abin da kuke ji ana cewa rimot da imidiyet, ba wani abu ba.

Yanzu ki zuba Aba a ciki. Karan shi ne, na ɗaya, warant cif, mutanen da Bature ya naɗa da takarda a ƙasar da mafi yawanta ba a saba da sarki guda mai yanke hukunci shi kaɗai ba, suka samu kotu a hannu suka shiga cin hanci da zalunci. Sai haraji, an ƙirga maza wajen 1926 ba a fito an gaya musu don me ba, 1928 sai ga haraji a kansu, kin ga daga nan duk wanda ya ga ana ƙirga ya san me ke tafe. Sai faɗuwar farashin manja da ƙwararsa, wanda nan ne mata ke samun ɗan abin hannunsu, kuma da yawa su ke taya mazan biyan harajin. Sai kuma yadda tsarin Turawan ya ture mata gefe, babu su a kotu babu su a shawara, alhali da suna da taronsu na kasuwa da na gari da ake jin maganarsu. Huɗu kenan. Ashanar ita ce ta biyar: Nuwamba 1929 a Oloko, warant cif Okugo ya tura Mark Emeruwa ƙidaya, ya je ya ce wa Nwanyeruwa ta ƙirga masa mutanen gida da awaki da tumaki, ta mayar masa da cewa shi an ƙirga uwarsa ne, rikici ya kaure, labari ya bazu cewa mata ma za a sa musu haraji. Layi biyu ya ishe ta. Ke kuma na tabbata rabin shafi kika ba ta saboda ita ce mai daɗin faɗa.

Eh, bari in gyara, kar wani ya ce na ce a jefar da ashana. In tambaya ta ce dalilai kawai, ashana tana ciki, amma foyin ɗaya ce, ki sa ta a ƙarshe ki kira ta da sunanta, ki ce wannan shi ne abin da ya kunna wutar. In aka ce rimot zalla, ko ambatonta ba ki da buƙata. In aka ce imidiyet, to fa nan kar ki tafi 1926 ki zauna.

Yadda za ki gane kuwa, ki cire abin ki gani. Da Emeruwa bai shiga gidan matar nan ba, ƙidayar ai tana tafiya a wasu gidajen, wata ce za ta tashi, ko wani satin ko wani garin. To wannan ashana ce, ana iya musanya ta. Amma cire harajin 1928, ki cire warant cif, mutum ya zo ya ce ƙirga awakinki, iyaka a zage shi ya tafi, ba za a ga dubban mata daga lardin Owerri har na Calabar sun fito ba. Abin da in an cire shi labarin ya mutu, shi ne kara. Sakamako kuwa kalanda ce ke kama shi, abin da ya faru bayan an fara ba zai zama dalilin farawa ba. Harbin da aka yi a Opobo a Disamba, mata sama da hamsin da aka kashe a boren gaba ɗaya, kwamitocin bincike na 1930, gyaran tsarin warant cif, duk ki ajiye su sai an ce sakamako.

Ni abin nan ya taɓa cina, shi ya sa nake jin zafinsa. Muna aji biyar aka ce mu kawo dalilan yaƙin duniya na ɗaya, wallahi na zauna na zuba Sarajevo kamar ina wajen, 28 ga Yuni 1914, Gavrilo Princip, Franz Ferdinand da matarsa, har yadda direba ya yi kuskuren kwana sai da na rubuta, shafi biyu, ina fitowa ina cika baki. Takarda ta dawo maki uku. Malamin ko bayani bai yi min ba, layi ɗaya ya ja tun daga sama har ƙasa, har yau ina ganin da ya kira ni ya nuna min da me zai rage shi, mutum ya yi karatu fa, ba wai ban sani ba, ƙawancen Jamus da Ostiriya na sani, na Faransa da Rasha na sani, tseren ƙera jiragen ruwan yaƙi tsakanin Birtaniya da Jamus na sani, kawai ban ɗauka su ake nema ba. Kuma a 1908 an yi rikicin Bosniya, 1911 an yi na Maroko, duk ashana ce aka ƙyasta ba ta kama ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna... to bar wannan, na yi nisa.

Wani abu da ke rikita ku, abu ɗaya yana iya zama sakamako a nan ya zama dalili a can. Harajin 1928 sakamako ne in ana maganar yadda Turawa suka kai tsarin mulkinsu na Arewa zuwa Gabas, amma dalili ne in ana maganar 1929. Saboda haka kafin ki rubuta komai ki ja layi a ƙarƙashin abin da aka tambaya da shekararsa, shi ne turken, komai da shi za ki auna gaba da baya.

Kuma kowane foyin ki ƙarasa shi. Kar ki rubuta "haraji" ki tsaya, maki ɗaya kenan in an yi miki kirki. Ki ce an sa wa maza haraji a 1928 bayan ƙidaya, shi ya sa da aka dawo ƙirga mata suka tabbata su ne na gaba. Suna, hujja, sannan yadda ya kai ga boren, kalmar "shi ya sa" ɗin nan ita ce ke ɗauko sauran makin. Foyin ɗaya sakin layi ɗaya, kar ki cusa biyu wuri guda mai maki ya ƙirga miki ɗaya.

Maki shidan nan ma ina jin Oloko ce ta ba ki uku, sauran ukun kika tsinta da kika ambaci Okugo a hanya. Ɗauko hoton takardar ki turo nan guruf ɗin, ba ta firabet ba, kowa ya gani, zan zagaye miki inda dalili ya ƙare da ja. Amma sai bayan isha, yanzu cajina saura kaɗan.