Kafin Ka Sayar da Gona Saboda Dashen Ɓargo

Tambaya: "Ɗana mai shekara 7 yana da sikila. An ce dashen ɓargo na warkar da ita. In sayar da gonata? Jininmu rukuni ɗaya ne, ni zan ba shi." Daga wani mai karatu a Ringim.

Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Dakata da maganar gona tukuna, a fara nemo wanda ɓargonsa ya dace. Rukunin jini ba shi ake dubawa ba. Akwai wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halitta da ake kira HLA, rabi mutum yake gada daga uwa, rabi daga uba. Saboda haka kai rabi kawai ka dace da shi. Ana yin dashe da irin wannan, amma haɗarinsa ya fi yawa.

Waɗanda za a fara gwadawa su ne shaƙiƙansa, uwa ɗaya uba ɗaya, ban da 'yan uba. Kowannensu yana da damar 1 cikin 4 ta dacewa tsaf. Mai AA ko AS zai iya bayarwa, mai SS ba zai iya ba. Idan aka samu shaƙiƙi kuma mara lafiyan yaro ne, sama da 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon. Ka kai su sashen cututtukan jini na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, likita ya tsara gwajin.

Shi dashen ba tiyata ba ne. Ana ba yaro magani mai ƙarfi ya kashe tsohon ɓargo (wannan maganin na iya hana haihuwa daga baya, ka tambaya tun da wuri), sannan a ɗaura masa sabon ta jijiya. Cikin sati 2 zuwa 4 ya kamata ya soma yin jini.

Wani lokaci jikin yaro kan ƙi baƙon ɓargo, ƙwayoyin jini su ƙi tashi, ko sikilar ta dawo bayan watanni. Yawan ƙarin jini a baya na ƙara wannan haɗari, kuma kada wanda ake sa ran zai ba da ɓargo ya ba shi jini.

Matsala ta biyu akasin wannan ce: sabon ɓargon ya ɗauki jikin yaron a matsayin abokin gaba. Galibi takan bayyana cikin kwana 100 na farko, da ƙuraje a tafin hannu da ƙafa, gudawa mai yawa, ko ido ya yi rawaya. Wadda ke zuwa a makare kan busar da ido da baki, fata ta yi tauri. Don haka zai sha maganin danne garkuwar jiki na watanni ba fashi, kuma zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki na nufin asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

In za a faɗa maka kuɗi, ka nemi a haɗa da gwaje-gwaje, magungunan bayan sallama, da hayar ɗaki kusa da asibitin na kamar wata 3, domin daga ƙauye ba za ku iya wannan zaryar ba.