Ba kowace tsaga ake toshewa da siminti ba

"Maigida, gidan da muka yi wa filasta a hanyar Dutsin-Ma ya tsattsage, wancan tsohon na cikin gari ma ya dare ta kusurwar taga. Ta yaya zan gane wacce ce mai haɗari?"

Ɗana, na hanyar Dutsin-Ma kada ya tayar maka da hankali. Filastar hunturu ce: iska ta shanye ruwanta kafin siminti ya kama, sai ta tsuke. Irin wannan tsagar siririya ce, ta watsu ko'ina kamar saƙar gizo-gizo, kuma cikin kwanaki ko makonnin farko take fitowa. Kankare wuri ɗaya da bakin cokali, za ka tarar bulon da ke ciki lafiyarsa ƙalau. Yashi mai turɓaya, siminti da ya yi yawa da rashin ban ruwa su ke kawo ta. Ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙarar fanko, filastar ta saki, a sauke ta a sake, a ba ta ruwa safe da yamma kwana 7. Inda ya yi tauri, a ɗan buɗe tsagar a cike, a yi fenti.

Na cikin gari shi ne ya dame ni. Tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, tana bin layin bulo hawa-hawa, ƙarshenta ɗaya ya fi ɗayan faɗi, daga ƙasa maganar take. Fandisho ne ya zauna ta gefe guda. Ka shiga ɗakin ka duba: in ta ɓullo ta ciki daidai wurin, ƙofa kuma ta fara cijewa, to ta ratsa bulon.

Kada ka taɓa ta tukuna. Ka ɗana ɗan siminti siriri ya haye tsagar a wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa leƙawa har damina ta wuce. In ya fashe, ginin bai daina motsi ba. Sannan ka zagaya bayan bangon ka nemi ruwa, domin galibi shi ne: indararo mai zuba a gindin bango, kwata mai yoyo, ko sokawe da aka haƙa daf da fandisho. Ka tambayi dattawan unguwa ko wurin tsohon kududdufi ne aka cike, don Katsina tana da irinsu da yawa, kuma ƙasar ciko takan yi shekaru tana zama.

A fara kawar da ruwan. In motsin ya tsaya, a ɗinke tsagar da guntayen rodi cikin layin bulo, a shimfiɗa raga, a yi filasta. In bai tsaya ba, ko tsagar ta haura milimita 5, a kira injiniya, don sai an tallafi fandisho da kankare daga ƙasa. Shi kuwa kashi-kashi ake yi, kamar mita 1, a tsallake, a jira ya kama. Wanda ya tone gindin bango gaba ɗaya, bangon kan lebura zai faɗo.