Akawun ɗin ƙanwarka da shekarun ƙarya

*Kawu, barka da yamma. Na gano ƙanwata tana da akawun a TikTok tun tana shekara 12, ta rubuta an haife ta a 2001. Yanzu shekararta 14, kuma maza manya suna turo mata saƙo. Ita ma ta ce tana so a rufe shi. A al'adarmu, ina da hurumin in karɓi wayar in goge da kaina, ko sai na kai maganar gaban Baba?*

Ɗana, barka kadai. Yaya unguwarku Nima, yaya karatu? Mu nan Aboabo ta Kumasi lafiya lau, sai zafi.

Babban wa uba ne, haka muka taso muka ji, saboda haka tsawatarwa kana da ita. Amma tsawatarwa daban, yanke hukunci a ɓoye daban. Abin da ya shafi 'ya mace da maza, a gidajenmu ɗakin uwa yake fara shiga. Ka sami mahaifiyarku ita kaɗai, bayan sallar isha'i, ka faɗa mata. Ita ta san lokacin da za ta sanar da mahaifinku da irin bakin da za ta yi masa. In ka tare shi a zaure da wannan labari gaban abokan hirarsa, zai fasa wayar don kunya, gobe duk layin ya ji, akawun ɗin kuma yana nan daram. Rufin asirin yarinyar shi ne gaba da komai. Tunda ita ce ta buɗe baki ta gaya maka, kada ka sa ta yi da-na-sani.

Kuma ka daina cewa za ka goge da kanka. A hannunta za a yi, kana zaune gefenta. Ban da girmamawa, akwai dalili na aiki, zan zo kansa.

Ka fara gane abin da 2001 ɗin nan ya jawo. TikTok ba ya karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, shi ya sa yara ke ƙara wa kansu shekaru. To amma ba ƙofar shiga kaɗai ta buɗe ba. Wanda bai kai 16 ba, ba a ba shi damar saƙon sirri, kuma akawun ɗinsa a kulle yake farawa, sai wanda ya amince wa yake ganin bidiyonsa. Shirin kai tsaye kuwa sai mai 18. Ita da ta ce an haife ta a 2001, manhajar ta ɗauke ta cikakkiyar mace, ta janye mata duk wannan shinge. Ta nan mazan suka samo hanya. Ranar haihuwar kuma ba a gyara ta da hannu a cikin manhajar, shi ya sa rufewa ta fi sauƙi.

Kafin ku taɓa komai, ku duba saƙonnin, mahaifiyarku tana wurin in ita yarinyar ta fi sakewa da haka. In surutu ne kawai na banza, ku wuce. In kuwa akwai wanda ya nemi hotonta, ko yake mata barazanar zai watsa wani abu, ku dakata da gogewa. Ku ɗauki hoton allon, sunan mutumin da kwanan wata su fito, sannan ku kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta Ghana. Dokar 2020 ta tsaron intanet ta haramta wa babba neman yaro ta wannan hanya. In kun riga kun goge, kun share shaida da hannunku.

Sai bidiyoyinta. Waɗanda take so, ta sauke su a waya tun yanzu. Ka bar ta ta zaɓa, ko da rawar bikin suna ce da ba ta burge ka ba. Wanda wani ya riga ya sauke a tasa wayar kuwa, wannan ya fita hannunku, gara ta ji gaskiyar daga bakinka.

Hanyar ita ce: ta shiga Profile, ta danna layuka ukun nan na sama, ta shiga Settings and privacy, sai Account, sai Deactivate or delete account. Nan zaɓi biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Deactivate ɓoyewa ce kawai, duk ranar da aka shiga komai zai dawo. Ku zaɓi Delete account permanently. Za a tambaye ta dalili, a ba ta damar sauke bayananta, sannan a nemi tabbaci cewa ita ce mai akawun ɗin, ko da lambar sirri ko da lambar da za a turo ta tes ko imel.

A wannan tabbacin aiki yake tsayawa. Ka tambaye ta tun yau: da wane layi aka buɗe? Yarinya mai shekara 12 ba ta da sim da sunanta. Ko na mahaifiyarku ne, ko na wata ƙawa. A shagona na Adum an taɓa kawo mini yaro ɗan shekara 15 da irin wannan matsala. Babansa ya cire manhajar daga wayar cikin fushi, yana ganin ya gama. Bayan wata biyu wani ɗan'uwa ya nuna masa bidiyoyin yaron suna nan, mutane na kallo. Cire manhaja kamar rufe ido ne, kasuwa tana ci. Da muka zo gogewa ta gaskiya, yaron ya manta lambar sirri, layin da aka buɗe da shi kuma yana cikin waɗanda aka toshe a 2023 saboda ba a haɗa su da katin ɗan ƙasa na Ghana Card ba. Da an bar manhajar a buɗe a wayar, da aikin ya zo da sauƙi. Abin da ya cece mu shi ne imel ɗin wansa da aka taɓa haɗawa, ta nan lambar ta shigo. Don haka kada ku fita daga akawun ɗin, kada ku cire manhajar, sai an gama. In layi da imel duk sun ɓace, ku rubuta ta Report a problem, ku bayyana ainihin shekarunta, ku nemi a rufe, sai dai wannan yana ɗaukar lokaci.

Ga dalilin da na ce a hannunta za a yi. Bayan an danna gogewa, akawun ɗin yana kwance kwana 30 kafin ya mutu. A cikin kwanakin nan duk wanda ya shiga da lambar sirri zai iya tashe shi. In ƙwace wayar ka yi, za ta ari ta ƙawarta a makaranta ta dawo da shi cikin minti biyu, kuma wannan karon ba za ta gaya maka ba. In kuwa ita ta danna, ita za ta tsare shi. Ka tambaye ta ko akwai ƙawar da ta san lambar sirrin. In akwai, ku canza ta kafin gogewa.

Ka rubuta ranar a kalanda. In kwana 30 sun cika, ka nemi sunan akawun ɗin daga wayarka, ka gwada shiga da lambar sirrinsa ta ƙarshe. In bai buɗe ba, ya tafi.

Maganar sabon akawun, wannan ta iyayenku ce, ba taka ba, ba tawa ba. A shekara 14 ƙa'idar manhajar ta yarda mata. Ni dai ra'ayina, in za a buɗe, a buɗe da ranar haihuwarta ta gaskiya, a haɗa shi da wayar mahaifiyarku ta Family Pairing, inda ake ƙayyade lokacin kallo. Ya fi a hana ta gaba ɗaya ta koma buɗewa a ɓoye da wata 2001 ɗin. Ka duba ma ko ta yi irin wannan ƙarin shekaru a Instagram ko a Gmail.

Ka gaishe mini da Yaya. Ka ce mata in tana so ni in yi wa mahaifinku maganar, ta kira ni bayan Juma'a.