Kafin ka sayi tikiti, ka auna kekenka

"Yaya, ina gaisuwa daga Tawa. An ɗauke ni karatu a Liyon, biza ma ta fito, jirgina kuma a Pari zai sauka. Shan inna ta taɓa ni tun ina yaro, da keke mai ƙafa uku nake yawo. An ce can ko'ina an shirya wa irinmu hanya. Gaskiya ne? Yaya zan yi in kai Liyon ni kaɗai?"

Ƙanena, barka da arziki, Allah ya sa albarka a karatun. Ni ma a kan keke nake, shekara tara ke nan a Liyon. Wanda ya ce maka ko'ina an shirya bai taɓa shiga metiron Pari, wato jirginsu na ƙarƙashin ƙasa, a zaune ba. Shiri akwai shi, amma ba ya aiki sai ka sanar da zuwanka tun da wuri. A tashar Tawa, in ka zo shiga kar ɗin Yamai, samari biyu su ɗaga ka, yaron mota ya ɗaure keken, shi ke nan. A nan ma'aikaci ba zai ɗauke ka a hannu ya hau matakala ba, ko da kuna shiri.

Mu fara da keken, don shi ne ba wanda zai gaya maka. Gurbin keke a jirgin ƙasa an yi shi ne da awo: faɗi santimita 70, tsawo santimita 120, nauyi kuma kai da keken kada ku wuce kilo 300. Keken da maƙeranmu ke ƙerawa, mai feda a hannu da taya ɗaya a gaba, ya fi wannan tsawo nesa ba kusa ba. Ba zai juya a cikin tarago ba, ƙofar asansar ma, wato ɗakin nan mai hawa da sauka a bene, sau da yawa ba za ta rufe a bayansa ba. Ka ari awon tela ka gwada naka yau. In ya wuce, ka bar wa wani shi sadaka, ka nemi mai taya huɗu wanda ake naɗewa. Kuma ka fara koyon tura shi tun yanzu a filin da ke da daɓen siminti, domin hannun da ya saba juya feda ba shi ne ya saba tura taya ba. Satina na farko a nan tafin hannuna duk bororo ne.

Wajen sayen tikitin jirgin sama, ka sa mai sayarwa ya rubuta buƙatarka a ciki, aƙalla awa 48 kafin tashi. Haruffa huɗu ake sawa. WCHR na wanda ke hawa matakala amma ba ya doguwar tafiya ne, WCHS na wanda ba ya hawa matakala amma yana iya kai kansa kujera, WCHC kuwa na wanda sai an kai shi har wurin zamansa. Kada kunya ta sa ka zaɓi na ƙasa da halinka. In ka ce kana hawa matakala, jirgi ya tsaya nesa da gini, ba za su turo motar da ke ɗaga mutum ba. Taimakon kyauta ne, keken ma ba a biyan kuɗin ɗaukarsa. Ka roƙa a manna masa takardar a maido maka da shi bakin ƙofar jirgi.

Yanzu Pari zuwa Liyon. Shawarata ɗaya ce: kada ka shiga cikin gari. A metiron Pari layi na 14 kaɗai ne mai keke ke iya bi daga farko har ƙarshe, sauran tsoffin layukan matakala ce a kan matakala. In ka ce sai ka je Gare de Lyon, tashar da ke cikin Pari inda ake hawa jirgin Liyon, za ka hau jirgin ƙasa na kewayen birni mai suna RER B, ka sauya zuwa RER A, kana neman ma'aikacin da zai shimfiɗa maka ƙarfen gangara a kowace hawa da sauka, ga akwati, ga gajiyar kwana a hanya. Alhali a cikin filin jirgin saman akwai tashar jirgin ƙasa. Wajen sayen tikiti ka rubuta Aéroport Charles de Gaulle 2 TGV zuwa Lyon Part-Dieu, ka zaɓi wanda ba a sauyawa. Kusan awa biyu ne.

Abu biyu za ka yi, kuma mutane na yin ɗaya su manta ɗaya. Na farko, gurbin keke a cikin jirgin. A taragon masu babban tikiti yake, amma kuɗin ƙaramin tikiti za ka biya. Guraben ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma farkon Satumba kowa na tafiya, saboda haka ka kama naka da wuri. Na biyu, mai rakiya. Ana neman sa ta Assist'enGare, masu taimakon naƙasassu a tashoshin jirgin ƙasa, a shafinsu ko ta lamba 3212 in kana cikin Faransa, aƙalla awa 24 kafin tashin jirgin. Gara ka yi shi tun kana Yamai. Za ka isa wurin haɗuwa minti 30 kafin lokaci, ma'aikaci ya tura ka har bakin tarago, ya kawo na'urar hawa, ya sanar da na Liyon ya tarye ka. Kaya ɗaya yake ɗauka, wanda bai wuce kilo 15 ba. Na san Inna za ta cika maka akwati da kilishi da cuku da garin yaji, to ka raba: jaka ɗaya a bayan keke, akwati ɗaya mara nauyi, sauran a aiko daga baya.

Ga inda na faɗi. Zuwana na farko na bar awa biyu tsakanin saukar jirgin sama da tashin na ƙasa, ina ganin na yi dabara. Ashe mai keke shi ake sauke wa a ƙarshe. Ina zaune har masu shara suka shigo, kekena kuma aka wuce da shi wurin manyan kaya. Kafin a nemo shi, a buga mini hatimi, jirgin ya yi gaba. Rakiyar da na nema a kan wancan jirgin take, ba a kaina ba, kuma gurbin na gaba wani ya riga ya kama. Sai bayan magariba na samu wuri. Ka bar awa huɗu. Zaman jira da kofi a hannu ya fi.

Liyon kuwa sauƙi ne. Duk tashoshin metiro suna da asansar in ban da Croix-Paquet a layin C, taram kuma, wato jirgin da ke bin titi, daidai yake da daɓen tasha, turawa kawai za ka yi ka shige. Matsalar ita ce asansar na lalacewa. Kafin ka fita ka duba manhajar TCL, wato ta sufurin garin, ka ga wanne ne ba ya aiki, musamman na tashar da za ka sauka, don na shiga idonka zai gani, na fita kuwa sai ka isa. Na taɓa wuce tasha guda na komo ta titi cikin ruwan sama saboda haka.

Bis kuma ta ƙofar tsakiya ake shiga. Ka tsaya inda direba zai gan ka, ka ɗaga masa hannu, gangarar za ta fito da kanta tana ƙara. A ciki ka juya bayanka ga gaban mota, ka jingina da matashin da aka kafa, ka ja birki. Kada ka fuskanci gaba don kallon gari, birki ɗaya zai zubar da kai. Wajen sauka maɓallin shuɗi mai hoton keke za ka danna, shi ke gaya wa direba ya fito da gangara. In wata mota ta tare bakin tasha har bis ya tsaya a tsakiyar titi, gangarar za ta yi tsaye da yawa, kada ka sauka kai kaɗai, ka ce wani ya riƙe ka ta baya.

Kafin ka karɓi ɗakin kwana, ka aiko mini da adireshin in je da kekena in gwada hanyar zuwa tasha. Ka gaida Inna, ka kuma turo mini awon keken.