Man Kitso ko Wankin Kai: Ina Ya Kamata Jarin Mai Shago Ya Shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kitso a Kaduna, muna yin kitson gargajiya da na ƙarin gashi, muna ɗinka wibon, muna kuma ɗaura hular gashi. A wata nakan yi wa mata kamar 40 aiki, kuma yawancinsu sai bayan mako 6 suke dawowa a tsefe. Kukan da suke yi mini kullum shi ne ƙaiƙayin kai da amosani da wari. Na ɗauki adashe na naira 150,000, ina so in haɗa man kitso nawa da kaɗanya da kwakwa da zaitun, in zuba a kwalabe in riƙa sayar musu. Shin akwai riba a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. A ganina kada ki zuba adashen nan a kwalaben mai. Ki sa shi a aikin wanke kai da busar da shi alhali kitson yana nan ba a tsefe ba, man kuma ya biyo baya a matsayin ɗan ƙari.

Dalilin farko yana kan fatar kan ne, ba a aljihu ba. Fatar kai tana fitar da nata maiƙon kullum, ga gumi, ga matacciyar fata da ke saɓulewa, kuma idan gashi yana kitse, an ɗora wibon ko hular gashi, sannan ɗankwali ko hijabi ya biyo a sama, duk wannan ba shi da hanyar fita. Akwai wata ƙwayar halitta dangin yis da ke zaune a fatar kan kowa, wadda abincinta maiƙo ne, kuma yawaitarta ce ke haddasa mafi yawan amosanin da kike gani, musamman mai danƙo wanda launinsa ya ɗan yi rawaya-rawaya. Macen da ta ga farin gari a tsagar kitsonta takan ɗauka bushewa ce, sai ta lafta man zaitun ko man kaɗanya. Garin zai kwanta ya ɓace wa ido na kwana biyu, ƙwayar kuwa ta samu abinci, ƙaiƙayin ya dawo fiye da da. Idan kwalbar da ta shafa tana ɗauke da sunan shagonki, ke za a ɗora wa laifin, kuma a sana'ar da baki ne tallarta, wannan asara ta fi ta kuɗin kwalaben.

Aikin da nake nufi ba shi da wuya, amma yana son natsuwa. Ki samu robar nan mai tsinin baki irin wadda ake zuba rinin gashi da ita, ki zuba shamfu mai sauƙi kashi 1, ruwa mai ɗumi kashi 3, ki girgiza. Tsinin ne zai bi tsaga-tsaga ya kai kumfar kan fata, ba kan gashin ba, a murza da tsokar yatsu ba da farce ba, a bi tsawon kitson kada a cakuɗa shi. A wajen mai wibon, sai a ɗaga layin ɗinki ɗaya bayan ɗaya a zura tsinin ƙarƙashi. Ɗauraya ita ce inda yaran shago suka fi yin ha'inci, domin kumfar da ta maƙale a gindin kitso tana bushewa ta zama wani farin garin, mai kan ta koma gida tana cewa wankin bai yi ba. Game da sabulun salo, wanda na san mata da yawa sun yarda da shi, yana wanke dauɗa sosai, sai dai tokar da ke cikinsa tana sa ya yi kaifi ga fata, ya bar gashi a bushe, kuma yana da wuyar ɗaurayewa daga cikin kitso. Ba zan mai da shi abin amfanin kowane kai ba.

Wadda amosaninta ya yi kauri, shamfu mai magani take bukata, irin mai sinadarin ketokonazol da ake samu a kemis. Ana barin sa a kan fata minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, sau 2 a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, daga nan a rage zuwa sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Yana busar da gashi, don haka a tsaya da shi a kan fata kawai. Irin wannan ki bar ta ta sayo nata da shawarar mai kemis ta zo da shi, ke ki karɓi kuɗin aikinki.

Busarwa ce ainihin abin da kike sayarwa, domin ita ce mace ba ta iya yi a gida yadda ya kamata. Warin nan da suke kuka da shi, yawanci na danshin da ya kwana a ƙarƙashin kitso ne, musamman da damina, ko ga wadda ta yi wanka ta jiƙa kai ta ɗaura ɗankwali nan take. Saman wibon yakan bushe cikin ɗan lokaci ya yaudari mai dubawa, alhali kitson da ke ƙasa yana jiƙe. A matse da tawul, a zaunar da ita ƙarƙashin na'urar busarwa mai kama da hula a matsakaicin zafi kamar minti 30 zuwa 45, sannan a zura yatsa a taɓa gindin kitson ta ƙeya. Idan an ji sanyi-sanyi, da saura. Sai bayan ya bushe ne mai zai shigo, shi ma kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, ya ishi kai guda. Mai ruwa-ruwa ya fi dacewa da tsaga, man kaɗanya kuwa a bar shi ga jikin gashin da bakin goshi lokacin hunturu, mai amosani kuma a shafa wa gashinta kaɗai a ƙyale fatar. Mai hular gashi ita ce mafi sauƙi, tunda ana iya cirewa a wanke kan a fili, sai dai a jiƙa gam ɗin da abin narkar da shi a jira ya saki da kansa, domin fizgar sa ce ke tafiya da gashin gaban goshi.

Yanzu mu zo lissafi. Farashin da zan sa misali ne kawai, ki maye gurbinsa da na kasuwarki a yau. Mu ƙaddara kwalbar shamfu mai mililita 400 naira 6,000 ce, kuma kowane wanki yana cin mililita 20, kin ga wanki 20 ke nan a kan naira 300 kowane. Idan litar man kwakwa 8,000 ce, cokalin da za a shafa bai wuce naira 40 ba. Ki sa jarkar ruwa 200, fetur na janareto don busarwa 500, wankin tawul da auduga 150, ladan yarinyar da ta yi aikin 500. Jimla ta kama 1,690, mu ce 1,700. Idan kika karɓi 3,000, kin tsira da 1,300 a kowane kai. A cikin mata 40 na kowane wata, ko da rabi ne suka yarda su dawo sau 2 kafin tsifa, a mako na 2 da na 4, kin samu wanki 40 a wata, wato kimanin naira 52,000.

Ki kwatanta da mai. Kwalba mai mililita 100 za ta ci mai na 800, kwalbar da takardar suna 400, ki sayar 2,000, riba 800. Macen da ke shafa cokali ɗaya sau 2 a mako za ta yi mako 10 kafin ta ƙarar da ita. Tunda masu zuwa wurinki suna juyowa ne bayan mako 6, jimlarsu ba ta wuce kamar 60 ba, kuma idan rabinsu suka zama masu saye, kwalba 12 za ki sayar a wata, ribar ba ta kai naira 10,000 ba. Ragowar kwalaben za su zauna a kanta cikin zafin bazara har man ya fara ɗan warin tsufa. Ga kuma batun doka, domin kayan shafa da aka ƙulla a kwalba da suna don sayarwa suna bukatar rajistar hukumar NAFDAC, kuma wannan yana da nasa kuɗin da nasa lokacin. Idan kika haɗa man da ruwa ko ruwan ganye don ya yi laushi, to kin shiga wani babin, saboda duk haɗin da ruwa ya shiga yana rumewa cikin kwanaki idan babu sinadarin adanawa.

Wurin da lissafin wankin zai iya rushewa shi ne fetur da kujera. Minti 40 da mace za ta yi a ƙarƙashin na'ura ranar Asabar, lokacin da masu kitson biki suka yi layi, ya fi 1,300 tsada a wurinki. Saboda haka ki ware wa wankin ranakun da shago yake sanyi, kamar Talata da Laraba, ki jera mata 3 ko 4 a jere domin a tayar da janareto sau ɗaya. Hanya mafi inganci ta sa su dawo kuwa ita ce ki haɗa kuɗin tun ranar kitso, ki ce kitso da wanki 2 kaza ne, da ragin kamar naira 500, ki rubuta ranakun a littafi. Wadda ta riga ta biya ba ta cika fashi ba.

A cikin 150,000 ɗin, na'urar busarwa da kwanon wanke kai mai wurin ɗora wuya su ne farko, sai tawul masu yawa da za su isa kowace mace ta samu nata wankakke, sai robobin tsini da shamfu kwalba 2 ko 3 kacal. Ki riƙe aƙalla kashi ɗaya cikin uku a hannu saboda fetur da gyara. Idan masu zuwa suka nemi man da za su tafi da shi gida, ki saro kaɗan daga wanda ya riga ya sami lambar rajista, ki ga yadda yake fita na wata 3 kafin ki yi tunanin haɗa naki.

Akwai kawunan da bai kamata ki karɓi kuɗin wankinsu ba. Idan kika ga ƙananan ƙuraje a bakin goshi ko bayan kunne kwana kaɗan bayan kitso, ko mace ta ce ta kasa kwanciya don zogi, wannan ja ne ya yi yawa, kuma babu man da zai gyara shi sai an sassauta ko an tsefe. Idan aka yi ta maimaita irin wannan jan shekara da shekaru, gashin goshi yana iya tafiya ba dawowa, don haka ki ja kunnen yaranki, kuma kada ki bari alherin wanki ya sa mace ta riƙe kitso fiye da mako 6 zuwa 8. Idan kuwa kika ga fili zagaye mai garin fata da gashi a kakkarye, musamman a kan yarinya, ko kika ga ruwa ko mugunya, mai yiwuwa makero ne ko wani ciwon fata. Makeron kai maganin sha yake bukata daga asibiti, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe shi, kuma yana bin mataji da tawul ya kama wani kan. Ki tura ta wurin likita, ki wanke matajin da tsinken tsagar da suka taɓa ta da sabulu, ki jiƙa su a ruwan bilic da aka sirka, sannan ki dafa tawul ɗin kafin ya koma cikin sauran.